Kafin mai haɗa shafi ya tafi: takardar da kowane mai shago ya kamata ya karɓa

Ranar da aka kammala shafin intanet na shago ranar farin ciki ce. Mai shago ya ga kayansa a jere cikin waya, ya tura wa abokai da 'yan uwa, ya biya cikon kuɗin aiki, an yi sallama da fatan alheri. Matsalar takan fito bayan wata biyu ko uku. Farashin atamfa ya tashi a kasuwa, amma a shafi tsohon farashi ne. Wani launi ya ƙare, amma masu saye suna ta biyan kuɗinsa. Sabon kaya ya iso, babu mai sa hotonsa. Wanda ya haɗa shafin kuwa ya tafi hidimar ƙasa, ko ya samu aiki a wani gari, ko wayarsa ba ta shiga. Ba lallai ne a ce wani ya ci amana ba. Abin da aka rasa shi ne takardar miƙa ragama, wadda za ta nuna wa mai shago yadda zai tafiyar da shafinsa da hannunsa.

Domin magana ta fito fili, mu ɗauki misalin mai shagon atamfa da shadda a kasuwar Kantin Kwari a Kano, wanda aka haɗa wa shafi da manhajar WordPress tare da WooCommerce. WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ce ke riƙe da shafukan da rubutu da hotuna. WooCommerce kuma, wadda ta fito a 2011, ita ce ke mayar da shafin ya zama kanti mai kaya da farashi da kwandon sayayya. Ƙananan shaguna da yawa da su ake haɗa su. Wanda aka yi wa nasa da wata manhaja zai ga sunayen maɓallai sun bambanta, amma abin da takardar za ta ƙunsa ɗaya ne.

Makullai kafin komai

Babu ɗan kasuwar da zai yarda ya biya kuɗin shago, amma takardar haya tana ɗauke da sunan kafintan da ya buga masa kanta. Sai dai a harkar intanet haka ake yi kullum ba tare da an lura ba. Shafin kasuwanci yana da makullai huɗu, kuma dole shafin farko na takardar ya lissafa su.

Makulli na farko shi ne sunan shafin, wato adireshin da mutane ke bugawa su zo gare ka. Ba sayensa ake yi har abada ba, haya ce da ake sabuntawa, galibi duk shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, kuma ta hannun kamfanonin da ta amince da su ake yin rajista. Na biyu shi ne masaukin shafin, wato kamfanin da ke ajiye fayilolinka a na'urarsa, shi ma da kuɗin haya. Na uku shi ne ƙofar shiga WordPress ɗin kanta. Na huɗu shi ne asusun karɓar kuɗi, irin su Paystack ko Flutterwave, wanda ya kamata ya kasance da sunan kasuwancinka kuma yana zuba kuɗi a asusun bankinka.

Game da kowane ɗaya, takardar ta faɗi sunan kamfanin, imel ɗin da aka yi rajista da shi, ranar ƙarewar haya, da nawa aka biya a karon ƙarshe. Imel ɗin nan shi ne ginshiƙi, domin can ake aiko da sanarwar sabuntawa, can kuma ake aiko da hanyar sauya kalmar sirri. Idan na mai haɗa shafin ne, to shafin aro kake yi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Idan haya ta ƙare ba a biya ba, shafin yakan ɗauke gaba ɗaya. Akwai ɗan lokacin da ake ba mutum ya biya, daga baya kuɗin fansa yakan ninka, a ƙarshe kuma a saki sunan wani ya ɗauka. Kalmomin sirri kada a rubuta su a cikin takardar da yaran shago za su riƙa dubawa. Mai shago ya sauya su da kansa ranar miƙa ragama, ya adana su daban.

Ƙofa biyu, ba ɗaya ba

Ana shiga ɗakin sarrafa shafin ne ta hanyar ƙara /wp-admin a ƙarshen adireshin. A nan akwai dabara guda da ke hana ɓarna mai yawa. WordPress tana ba kowane mai shiga matsayi. Mai matsayin Administrator yana iya yin komai, har da goge abin da shafin ya dogara da shi. Mai matsayin Shop manager kuwa yana iya sa kaya, sauya farashi, duba odar masu saye da gyara shafuka, amma ba zai iya girka ko cire ƙananan manhajojin da ke tafiyar da shafin ba.

Saboda haka a buɗe wa mai shago asusu biyu. Na Administrator ya ajiye shi kamar takardar fili, ba a fito da shi sai da dalili. Na Shop manager shi ne na aikin yau da kullum. Idan akwai yaron shago da zai riƙa sa kaya, a buɗe masa nasa da sunansa, ta yadda ranar da ya bar aiki za a rufe nasa kawai, ba sai an sauya na kowa ba.

Yadda ake sa sabon kaya

Wannan shi ne aikin da za a fi maimaitawa, don haka shi ya cancanci fili mafi girma a takardar, da hoton allo a kowane mataki. A ce an kawo atamfa turmi 12, kowane turmi yadi shida, za a sayar a kan naira 25,000.

Mai shago zai shiga Products, ya danna maɓallin ƙara sabon kaya da ke sama. A gurbin farko zai rubuta suna irin wanda mai saye zai nema, kamar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, turmi ɗaya. A babban gurbin da ke ƙasa zai yi bayani: yadi nawa ne, auduga ce ko gauraye, tana zuba ko ba ta zuba. Daga nan sai ya gangara zuwa akwatin Product data, ya bar shi a kan Simple product, ya rubuta farashi a Regular price.

A wannan gurbin ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Lambobi zalla ake rubutawa, wato 25000, babu alamar naira, babu waƙafi, babu ɗigo. A shafin da aka saita da naira, ɗigo yana raba naira da kwabo ne. Wanda ya saba rubuta 25.000, kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke yi musamman masu hulɗa da Nijar, zai wayi gari turminsa yana kan naira 25. Takarda mai kyau tana rubuta wannan gargaɗi da manyan baƙaƙe. Gurbin Sale price kuma na ragi ne kawai. Idan za a yi ragin Sallah, akwai kalmar Schedule a gefensa, inda ake sa ranar farawa da ranar ƙarewa, farashin ya koma yadda yake da kansa.

Sai sashen Inventory. A gurbin SKU ake rubuta lambar kaya, kuma ya fi kyau ta zama lambar da ke littafin shago, domin abin da ke kan kanta da abin da ke shafi su riƙa tafiya tare. Idan aka kunna ƙirgen kaya aka rubuta 12, duk turmin da aka saya ta shafi zai ragu da kansa, idan ya kai sifili shafin ya nuna kaya ya ƙare. Amma shafin bai san abin da aka sayar hannu da hannu ba. Idan wata hajiya ta shigo shago ta ɗauki turmi biyar, sai an shiga an mayar da lambar 7. In ba haka ba, wata rana wani zai biya kuɗin kayan da babu shi. Don haka takardar ta tsayar da lokaci, misali kowace yamma kafin a rufe shago, ta kuma ambaci wanda alhakin ke wuyansa.

A gefen allo za a zaɓi rukunin kayan, a sa babban hoto a Product image, sauran hotuna a Product gallery. Kafin a danna Publish, a danna Preview a ga yadda mai saye zai gani. Idan aiki ya katse, Save Draft yana ajiye shi ba tare da kowa ya gani ba.

Shadda mai launi biyar tana buƙatar Variable product. Da farko ana lissafa launukan a Attributes, sannan a je Variations a ba kowane launi farashinsa da adadinsa. Launin da aka manta ba a sa masa farashi ba, ba zai sayu ba. Idan mai saye ya kira ya ce ruwan toka ya ƙi zaɓuwa, nan ne wurin da za a fara dubawa. Ga mai shagon da wannan ya yi wa nauyi, akwai hanya mai sauƙi: mai haɗa shafin ya bar samfuri ɗaya da aka cika daidai, a riƙa danna Duplicate a kansa ana sauya suna da farashi da hoto.

Sauya farashi kaɗai ba ya buƙatar buɗe kayan gaba ɗaya. A jerin kaya, ƙarƙashin kowane suna akwai Quick Edit, a sauya lamba a danna Update. Kayan da ya ƙare kuma ba goge shi ake yi ba, Out of stock ake mayar da shi. Dalili shi ne an riga an yaɗa adireshinsa a WhatsApp da Instagram, idan aka goge, duk wanda ya danna zai tarar da shafin kuskure mai lamba 404. Ya fi kyau kuma kada a taɓa gurbin Permalink bayan an wallafa kaya.

Hoto shi ne hannun mai saye

A shago mace takan taɓa atamfa, ta ɗaga ta a haske, ta murza bakinta. A shafi hoto ne kaɗai ke yi mata wannan aiki. Takardar ta ba da ƙa'ida guda da za a bi kullum: a ɗauka da hasken rana a inuwa, a bakin ƙofar shago da safe, a kan farin ƙyalle ɗaya, ba ƙarƙashin fitilar shago da ke mayar da shuɗi ya koma kore ba. Hoto uku sun wadatar: turmin a naɗe, a buɗe yadda zane zai fito, da na kusa da ke nuna saƙa.

Sai maganar girma. Wayar zamani takan ɗauki hoto mai faɗin ɗigo 4000 da tsayin 3000, nauyinsa megabait uku zuwa biyar. WordPress takan yanka ƙananan kwafi daga ciki domin jerin kaya, amma tana ajiye na asalin ma. Hoto dubu masu megabait huɗu sun cinye gigabait huɗu na masauki, kuma duk inda aka ɗora babban kai tsaye, mai saye da ke kan raunin sabis zai gaji da jira ya fita. Abin da ya dace shi ne a yanke hoton ya zama murabba'i, misali 1200 da 1200, a matse shi ya dawo ƙasa da kilobait 300. Shafuka irin su Squoosh da TinyPNG suna matse hoto kyauta. Murabba'in yana da dalili: WooCommerce, yadda take zuwa, tana yanka hotunan jerin kaya su zama murabba'i, don haka dogon hoto yakan rasa sama da ƙasa.

Idan yaron shago ne ke ɗaukar hoto ya turo ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin Document, domin turawar da aka saba tana rage ingancinsa. A sauya wa fayil suna kafin a ɗora, daga lambobin kyamara zuwa abin da ake ganewa, kamar atamfa-shudiya-ganye.jpg. A gurbin Alt text a rubuta jimla ɗaya da ke bayyana hoton, wadda ke taimakon makafi masu amfani da manhajar karanta allo, ke kuma taimakon Google ya gane kayan.

Akwai gargaɗi ɗaya game da Media, rumbun da duk hotuna ke taruwa. Kaya ko shafin da aka jefa Trash yakan zauna kwana 30 kafin ya ɓace, ana iya dawo da shi. Hoto kuwa, yadda WordPress take zuwa, Delete permanently ne kawai a gabansa, kuma idan aka goge shi ya tafi daga duk inda aka yi amfani da shi.

Shafukan da ake gyarawa da waɗanda ba a taɓawa

A ƙarƙashin Pages akwai shafuka iri biyu, kuma takardar ta raba su da suna. Akwai na mai shago: shafin farko, bayanin shago, lambar waya da adireshi, kuɗin kai kaya zuwa Kaduna ko Abuja, sharaɗin mayar da kaya. Waɗannan ana danna Edit, a danna kan rubutun, a gyara, a adana. Idan aka yi kuskure, Revisions na ajiye tsofaffin kwafi, ana iya komawa na jiya. Idan an gina shafin da wata manhajar zane kamar Elementor, to da maɓallin Edit with Elementor ake buɗe shi, kuma dole takardar ta faɗi haka, domin gyara ta ɗayar ƙofar na iya hargitsa tsarin.

Sannan akwai Shop, Cart, Checkout da My account. Wanda ya buɗe su zai iya ganin kusan babu komai, ko ɗan gajeren rubutu irin wannan:

```
[woocommerce_checkout]
```

Wannan ɗan layin shi ne teburin biyan kuɗi gaba ɗaya. Wanda ya share shi da niyyar tsabtace shafi ya rufe hanyar ciniki. Haka kuma lambar wayar da ke can ƙasan kowane shafi sau da yawa ba a Pages take ba, tana wani wuri da ya danganta da yadda aka gina shafin. Mai haɗawa ne kaɗai ya san inda ya sa ta, don haka ya nuna da hoto.

Idan abu ya lalace

Sashen ƙarshe na takardar ya zama na alamomi da magani. An sauya farashi amma waya na nuna tsohon: galibi tsohon kwafi ne da aka adana domin sauri, a duba da wata wayar, in ya ci gaba a danna maɓallin share ajiya da mai haɗawa ya nuna. Hoto ya ƙi hawa: ko ya yi nauyi, ko masauki ya cika. Waya na gargaɗin cewa shafin ba shi da tsaro: takardar shaidar tsaro ce ta ƙare, kamfanin masauki ake kira. Shafi ya yi fari da saƙon There has been a critical error on this website: yawanci wata ƙaramar manhaja ce ta yi karo da wata, kuma tun 2019 WordPress kan aika hanyar shiga ta gaggawa zuwa imel ɗin mai kula da shafi. Wannan wani dalili ne na tabbatar da cewa imel ɗin naka ne.

Sabunta manhajoji wajibi ne, domin ta tsofaffi ɓarayin intanet ke shiga. Amma ba a yin sa da garaje, ba a kuma yin sa ana jajibirin Sallah. Da farko a ɗauki kwafin ajiya na shafin duka, da manhaja irin UpdraftPlus, a ajiye shi a wajen masaukin, misali a Google Drive na mai shago. Sannan a sabunta ɗaya bayan ɗaya, ana gwada sayen kaya bayan kowace. Mai shagon da bai natsu da wannan ba, gara ya yi yarjejeniya a rubuce da wani masani ya riƙa yi duk wata. Takardar ta kuma lissafa duk manhajar da ake biya wa lasisi, da sunan wanda ya saya, domin wadda ke kan asusun mai haɗawa za ta daina samun sabuntawa ranar da ya daina biya.

Gwajin da ke tabbatar da an gama

Takarda na iya yin kyau a ido amma ta kasa aiki. Hanyar ganewa ɗaya ce, gani ya kori ji. Kafin a biya cikon kuɗi, mai shago ya zauna da wayarsa ko kwamfutarsa, takardar a gabansa, mai haɗa shafin na gefe ya naɗe hannu. Ya sa sabon kaya da hotonsa, ya sauya farashi, ya mayar da wani kaya ya ƙare, ya gyara lambar waya, ya ɓata jimla ya dawo da ita, ya sayi kaya mafi araha da katinsa ya ga kuɗin sun shiga asusunsa. Duk inda ya tsaya ya ɗaga kai zai yi tambaya, to nan takardar ke da rami, a cike shi nan take. A rubuta ta da harshen da mai shago ke karantawa, Hausa in Hausa ce, a bar sunayen maɓallai yadda suke a allo. A haɗa da gajerun bidiyo na minti biyu ko uku, kowane aiki da nasa, a ajiye su a wayar mai shago.

Ga masu haɗa shafuka, wannan takarda ba ta rage muku ciniki. Wanda kuka koya wa sauya farashi shi ne zai neme ku ranar babban aiki, shi ne kuma zai ba maƙwabcinsa lambarku. Kai kuma mai shago, tun ranar ciniki ka sa takardar miƙa ragama cikin sharuɗɗan aiki, kuma kada ka biya cikon kuɗi sai makullan nan huɗu suna hannunka, ka kuma sa kaya ɗaya a shafinka da kanka daga farko har ƙarshe.